Yadda ake gane nauyin rodi daga kaurinsa da tsawonsa

Takardar ƙiyasin kwangila da tan take lissafa rodi, amma a wurin aiki da ɗai-ɗai ake sauke shi daga mota. Tsakanin tan da ƙirge akwai giɓin da ƙarfe kan zurare, kuma ɗan gajeren lissafi ne ke toshe shi:

```
W = D² / 162
```

D shi ne kaurin rodi a milimita, W kuwa nauyin mita ɗaya a kilo. Sai a ninka W da tsawon rodin. Lambar 162 ba a ka aka ƙirƙire ta ba. Ta samo asali ne daga faɗin bakin rodi, wanda da'ira ne, da kuma nauyin ƙarfen kansa, wato kilo 7,850 a curin da kowane gefensa mita ɗaya ne.

A ɗauki rodi mai milimita 12, wanda ya fi yawa a gine-ginenmu. 12 sau 12 ya ba da 144, a raba da 162, a sami kilo 0.889 a kowace mita. Cikakken rodi mita 12 ne, saboda haka guda ɗaya ya kai kilo 10.67, tan ɗaya kuma ya ƙunshi kimanin guda 94.

A ƙaddara an ba da aikin kwalbati a Mawashi, takarda ta ce tan biyu na mai milimita 12. Guda 188 ke nan. Ɗan kwangila ya sauke 188 cif, kowa ya ƙirga ya gamsu. To amma idan ainihin kaurinsu milimita 11 ne, kowanne kilo 8.96 kawai zai yi, jimla kilo 1,685. Kilo 315 sun salwanta alhali ƙirge bai nuna komai ba. Da yake kaurin ana ninka shi da kansa ne, ragin milimita ɗaya tak ya cinye kashi 16 cikin ɗari na ƙarfen da zai riƙe kankare idan ruwan damina ya taso.

Auna kauri da ido ko da tef yana ruɗarwa, domin tudun zanen da ke jikin rodi yana sa ya yi kama da mai kauri. Abin da ya fi tabbas shi ne a yanko mita ɗaya daidai, a ɗora a sikeli. Ma'aunin Birtaniya BS 4449 ya yarda da bambancin kashi 4.5 cikin ɗari ga irin wannan kauri, don haka duk abin da ya gaza kilo 0.85 abin tuhuma ne. A kuma auna tsawon, domin akan gutsure shi ma.

Lissafin na ƙarfe zagayayye ne kaɗai, kuma nauyi kawai yake faɗa. Rodi na iya cika sikeli ya kuma tsage wurin lanƙwasawa. Gane wannan sai an kai samfuri ɗakin gwaji an ja shi da na'ura har ya tsinke.