Yadda ake fassara takardar PDF ba tare da kanun bayanai da jadawali sun wargaje ba

Takardar PDF, wadda kamfanin Adobe ya fito da ita a 1993, an tsara ta ne domin ta fito iri ɗaya a kowace na'ura da kowace maɗaba'a. Wannan siffa ce ke sa fassara ta ta yi wuya. Galibin irin waɗannan takardu ba sa adana bayanin cewa wannan layi kan magana ne, wancan kuma jadawali ne. Abin da suke riƙewa shi ne gurbin da kowane harafi da kowane zane zai zauna a shafi. Jadawalin da ido ke gani, a wurin na'ura kalmomi ne warwatse da aka ja wa layuka a tsakani. Saboda haka hanya mafi inganci ita ce a mayar da takardar zuwa Word, a gyara gininta, a fassara, sannan a sake mayar da ita PDF.

Da farko a tantance irin takardar. A danna Ctrl+F a nemi wata kalma da ake gani a shafin. Idan ta fito, rubutu ne na gaske. Idan ba ta fito ba, mai yiwuwa hoton takarda ne aka ɗauka, kamar yawancin wasiƙun ofis masu hatimi, kuma sai an bi da shi ta manhajar OCR mai karanto rubutu daga hoto. A nan ake yawan samun kuskure: sifili ya koma harafin O, lamba 1 ta koma harafin l.

Tun daga Word na 2013 ana iya buɗe PDF kai tsaye ta File sannan Open. Bayan buɗewa, kada a yi gaggawar fassara. A kunna Navigation Pane a ƙarƙashin View. Duk kan maganar da bai bayyana a gefe ba, rubutu ne kawai mai kauri, sai a ba shi salon Heading 1 ko Heading 2. Jadawali kuwa, a danna cikinsa a duba ko Word ya gane shi. Idan tazara ce kawai aka jera tsakanin kalmomi, gara a sake gina shi, domin da zarar tsawon kalma ɗaya ya canja, duk layin zai goce.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar Kano da aka aiko wa takardar farashi da Faransanci daga Maraɗi. Jadawalin na da ginshiƙi huɗu: Désignation, Quantité, Prix unitaire da Montant, wato bayanin kaya, adadi, farashin ɗaya da jimilla. A layin farko an rubuta katan 40, kowane 12.500, jimilla 500.000. A al'adar rubutun ƙasashe masu amfani da Faransanci, ɗigo ko tazara ke raba dubbai, waƙafi kuma ke nuna ɓangaren lamba. Ke nan 12.500 na nufin sefa dubu goma sha biyu da ɗari biyar. Manhajar fassara na iya juya kalmomin ta bar lambar yadda take, mai karatu a Najeriya kuma ya ɗauka sha biyu da rabi ne. Dole a gyara ta da hannu zuwa 12,500, a kuma ninka ta da 40 a tabbatar an samu 500,000. Wannan ninkawa ita ce kuma ke tona asirin lambar da ta zame daga gidanta zuwa na kusa.

Sashen Documents na Google Translate na karɓar fayilin Word da na PDF, kuma ya san Hausa, amma wanda aka riga aka gyara a Word ya fi dawowa da tsarinsa. Takardun gwamnati na sirri dai bai kamata a ɗora su a irin wannan shafi ba.

Bayan fassara, abu biyu ke yawan lalacewa. Fassarar kan fi asali tsawo, sai ƙarshen rubutu ya ɓuya a cikin gidan jadawali. Maganinsa shi ne a shiga Table Properties, a sashen Row, a sauya Exactly zuwa At least domin gidan ya buɗe daidai da rubutun. Na biyu shi ne haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ da ƙ, waɗanda kan fito kamar ƙananan akwatuna ko da wata siffa daban idan nau'in rubutun takardar ba shi da su. Sai a sauya shi gaba ɗaya da wanda ke da su, a sake dubawa bayan an adana ta Save As a matsayin PDF.

Sa hannu da hatimi ba sa bin fassara da ƙarfinsu na doka. Idan takardar za ta je banki ko hukumar kwastam, a haɗa ta da ta asali, a kuma tambaya tun da wuri ko suna buƙatar fassarar da aka tabbatar a hukumance.