Makomar Bayanai Bayan Mayar da Waya Saitin Kamfani: Nazari kan Goge Waya Kafin Sayarwa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da ke faruwa da bayanan da ke cikin waya idan aka mayar da ita saitin kamfani. Ta nuna cewa amincin gogewar ya rataya ne a kan ko bayanan a kulle suke da mabuɗin sirri tun ranar da aka fara amfani da wayar. Daga nan ta bi matakan tsabtace tsohuwar waya ƙirar Android wadda ba a kulle bayananta ba, domin irinta ce ta fi jefa mai sayarwa cikin hatsari.

Yadda ma'adanar waya ke riƙe bayanai

Ma'adanar waya, nau'in NAND, tana rubuta bayanai a ƙananan shafuka, amma ba ta iya share shafi ɗaya shi kaɗai, sai dai ta share babban rukuni mai ɗauke da shafuka da yawa. Kowane rukuni kuma yana da iyakar yawan sharewar da zai iya jurewa kafin ya lalace. Saboda haka akwai wani ɗan mai kula a cikin ma'adanar da ke rarraba rubutu ko'ina, don kada wuri ɗaya ya riga sauran mutuwa. Idan mutum ya goge hoto, abin da ake cirewa shi ne rijistar da ke nuna inda hoton yake. Hoton kansa yana nan kwance har sai an share rukunin da yake ciki. Kamar a yage shafin ƙumshiya ne daga littafi: babobin duk suna nan ga mai haƙurin buɗawa shafi bayan shafi.

A 2015, Laurent Simon da Ross Anderson na Jami'ar Cambridge sun gwada wannan a kan wayoyi 21 na hannu, daga kamfanoni biyar, masu Android 2.3 zuwa 4.3. Bayan sun mayar da su saitin kamfani, sun iya dawo da saƙonni da hotuna da lambobin mutane. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne a kusan kashi 80 cikin ɗari na wayoyin da gogewarsu ke da naƙasu, sun samo babbar shaidar shiga asusun Google, wadda ke buɗe wasiƙun mai wayar ba tare da an nemi kalmar sirri ba. Wani ɓangare na laifin ya koma ga kamfanonin da ba su haɗa manhajar da ke umartar ma'adana ta share rukunan da gaske ba.

Lalata mabuɗi maimakon share bayanai

Wayoyin zamani sun bi wata hanya dabam. Duk abin da aka rubuta a ma'adana ana juya shi zuwa rubutun sirri da wani mabuɗi, kuma idan aka mayar da wayar saitin kamfani, mabuɗin ake lalatawa. Ragowar bayanan ko da suna nan, ba mai iya karanta su. Hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka ta amince da wannan hanya a kundinta na SP 800-88 da ta sabunta a 2014. Wannan ne ya sa gogewar wayar da ke cike da hotuna take ƙarewa cikin ƙanƙanen lokaci, ba wai aikin ne ba a yi ba.

Wayar iPhone tana da wannan tsari tun ƙirar 3GS ta 2009. A ɓangaren Android, an wajabta kullewar daga Android 6.0 a 2015, amma aka yafe wa wayoyi marasa ƙarfi, sai a Android 10 a 2019 aka tsananta sharaɗin ga sababbin wayoyi. Wannan yafiyar ta shafe mu kai tsaye, domin ƙananan wayoyi masu araha da tsofaffi su ne ke yawan sauya hannu a kasuwanni irin Farm Centre ta Kano. Mai son tabbatar da halin wayarsa zai iya duba sashen tsaro a cikin saiti, ko ya kunna `USB debugging`, ya haɗa ta da kwamfuta mai manhajar adb ya rubuta:

```
adb shell getprop ro.crypto.state
```

Idan amsar ta fito `encrypted`, bayanan a kulle suke. Idan ta fito `unencrypted` ko `unsupported`, mayar da wayar saitin kamfani kaɗai bai isa a dogara da shi ba.

Misali: waya mai gigabait 16 da Android 5.1

A ɗauka wannan waya ta yi shekaru a hannun mai ita ba a kulle ba, akwai kuma memori a cikinta. Bayan ya kwashe abin da yake buƙata, matakin farko shi ne cire layi da memori. Gogewar waya ba ta taɓa layi, memori ma yawanci ba ta taɓa shi, alhali a can ne hotuna suka fi taruwa a fili. Layin kuwa, a Najeriya, haɗe yake da lambar ɗan ƙasa, kuma sau da yawa da asusun banki. Sai ya fita daga manhajojin banki da na hira, ya cire asusun Google. Idan bai cire ba, a wasu yanayi kariyar da aka shigo da ita a Android 5.1 za ta nemi kalmar sirrinsa daga mai saye, shi kuma ya ga dole ya faɗa masa.

Daga nan ya sa doguwar kalmar sirri, ya jona caji, ya zaɓi `Encrypt phone`. Tsawon kalmar yana da dalili. Masu binciken Cambridge sun gano cewa a wayoyi masu naƙasu, kulallen mabuɗin yakan tsira bayan gogewa, kuma lambar sirri mai alƙaluma huɗu ba ta wuce zaɓi 10,000 ba, abin da kwamfuta za ta gwada ta gama nan take. Bayan kullewar sai ya mayar da wayar saitin kamfani.

A nan ne masu ba da shawara da yawa suke tsayawa, kuma a ganina da sauran aiki. Tun daga Android 5.0, kullewar gaggawa tana shafar wuraren da ke ɗauke da fayiloli ne kawai. Hoton da aka goge bara yana iya zama a wurin da ake ɗauka fanko ne, kullewar ta tsallake shi. Maganin shi ne a kunna wayar ba tare da sa wani asusu ba, a cika ma'adanar da abin da ba shi da amfani. Idan filin da ya rage gigabait 11 ne, kuma kyamara tana cin kimanin megabait 130 a minti ɗaya, ɗaukar bidiyon bango na kusan sa'a ɗaya da rabi zai cika ta. Alamar an gama ita ce wayar ta ƙi ci gaba da ɗauka saboda rashin wuri. Sai a sake mayar da ita saitin kamfani.

Iyakar wannan hanya

Ko cikawar ba ta kai ko'ina ba. Ma'adana tana ware wani ɗan kaso na rukunai da mai waya ba ya iya rubutu a kansu, har da waɗanda aka jingine saboda sun fara lalacewa, kuma guntayen bayanai na iya maƙalewa a can. Ciro su yana buƙatar kayan aikin ɗakin bincike da cire ma'adanar daga jikin wayar, abin da mai neman hotuna da manhajar dawo da fayiloli ba zai iya ba. Ga yawancin masu sayarwa, matakan da aka bayyana sun wadatar.

Hukuncin ya bambanta ga wayar da allonta ya mutu ko ta ƙi kunnuwa, wadda ake sayarwa masu gyara su ciri kaya. Ita ba a goge ta ba sam, kuma sabon allo kaɗai na iya dawo da komai. Haka ma tsohuwar wayar da ta riƙe bayanan marasa lafiya ko takardun shari'a ba a kulle ba. Irin waɗannan, idan ba a samu damar gyara su a tsabtace ba, a sayar da allo da batir da marfi, a fasa ma'adanar.