Taswirar Yini da Taswirar Dare a Tsohon Ilimin Taurari

A ilimin taurari da ya bunƙasa a Masar zamanin mulkin Girkawa, musamman a birnin Iskandariya, tambayar farko da munajjimi yake yi in an kawo masa lokacin haihuwar mutum ita ce: Rana tana sama ko ta faɗi? In tana saman layin da sama ta haɗu da ƙasa, taswirar ta yini ce. In tana ƙarƙashinsa, ta dare ce. Girkawa suna kiran wannan rabo hairesis, wato ɓangare ko ƙungiya, domin sun kasa taurari bakwai masu tafiya gida biyu, kowane gida da shugabansa. Amsar wannan tambaya ita ce take nuna wane tauraro zai fi amfanar mai taswirar, wane ne kuma zai fi wahalar da shi, bisa ga imaninsu.

Ɓangaren yini Rana ce take shugabantarsa, tare da Mushtari da Zuhal. Ɓangaren dare na Wata ne, tare da Zuhura da Marriku. Uɗaridu ba shi da gida tsayayye: in ya riga Rana fitowa da asuba sai a lissafa shi cikin na yini, in kuwa bayan faɗuwarta yake faɗuwa sai ya zama na dare. Kowane ɓangare ke nan ya sami haske ɗaya, tauraron sa'a ɗaya, tauraron nahisa ɗaya. Taurarin sa'a su ne Mushtari da Zuhura, na nahisa kuma Zuhal da Marriku. Waɗannan sunaye da malamanmu suka sani sun zo mana ne ta littattafan Larabci.

Inda hankali yake tsayawa shi ne wurin da aka ajiye taurarin nahisa. Zuhal a wurinsu tauraron sanyi ne, na jinkiri da tsufa da ƙunci, mutum zai zaci da dare ya dace. Marriku na zafi ne da bushewa, na faɗa da ƙarfe da wuta, za a zaci na yini ne. Amma an musanya su. Batlimus, wanda ya rayu a Iskandariya a ƙarni na 2 Miladiyya, ya kawo dalili a kashi na farko na littafinsa Tetrabiblos. A bayaninsa, yini yana da zafi da motsi, dare yana da laima da hutu. Tauraro mai amfani in ya haɗu da abin da ya yi kama da shi, amfaninsa ƙaruwa yake yi, shi ya sa aka bar Mushtari da yini, Zuhura da dare. Mai ɓarna kuwa kishiyarsa ake haɗa shi da ita don ta rage masa ƙarfi. Sai aka kai sanyin Zuhal cikin zafin yini, aka kai bushewar Marriku cikin laimar dare. Kamar maƙeri ne da yake tsoma jan ƙarfe cikin ruwa: ƙarfen yana nan a ƙarfensa, amma ya daina ƙona hannu, ya zama abin aiki.

Daga nan hukunci ya rabu biyu. A taswirar yini, Mushtari ne babban mai alheri, Zuhura tana taimakawa amma ba kamarsa ba. Zuhal yana gida, don haka nauyinsa yakan fito ta fuskar haƙuri, juriya, mallakar ƙasa, da girman da yake zuwa a makare. Marriku shi ne baƙon da ba ya cikin ɓangarensa, shi ake tsoro. Da dare komai ya juye: Zuhura ta hau gaba, Marriku ya zama jarumta da zafin nama, Zuhal ya zama wanda ya fi cutarwa. Wannan bai sa tauraron nahisa ya koma na sa'a ba, kuma a nan ne masu koyo suke yawan zamewa. Ɓangare sauƙi yake kawowa ko tsanani. Munajjimi yana ci gaba da duba burujin da tauraron yake ciki, da gidan da ya sauka, da waɗanda suke kallonsa.

Ƙa'idar ta girmi Batlimus. Dorotiyus mutumin Saida, wanda ya rubuta littafinsa a waƙe a ƙarni na 1, ya gina hukunci mai yawa a kanta. Ya raba burujai goma sha biyu gida huɗu, uku-uku, kowane gida da mai mulkinsa na yini da na dare. Burujan wuta, wato Hamal da Asad da Ƙaus, Rana ce take mulkinsu da yini, Mushtari da dare. In yana son sanin arzikin mutum da ɗaukakarsa, sai ya dubi hasken ɓangaren, Rana ga haihuwar yini, Wata ga haihuwar dare, ya nemi masu mulkin burujin da hasken yake ciki. Na farko yana nuna farkon rayuwa, na biyu abin da ya biyo baya. Betiyus Balens na Antakiya, wanda Larabawa suke kira Walis, ya yi aiki da ita a taswirori masu yawa da ya tara a ƙarni na 2. A ƙarni na 4, Firmikus Maternus ya rubuta da Latin, yana bin tauraro gida-gida, sau da yawa ya ba da hukunci biyu ga wuri ɗaya: ga abin da yake nufi da yini, ga abin da yake nufi da dare.

Akwai wata alama da take nuna yadda wannan rabo ya shiga ƙashin tsarin tun farko. An ba kowane tauraro gida ɗaya cikin goma sha biyu da ake cewa a nan yake farin ciki. Rana a na 9, Mushtari a na 11, Zuhal a na 12, duk a saman ƙasa. Wata a na 3, Zuhura a na 5, Marriku a na 6, duk a ƙarƙashinta. Uɗaridu a na 1, a kan iyaka.

A ɗauka an haifi yaro a Iskandariya dab da tsakar rana. Ɗali'insa, wato digirin da yake fitowa a gabas a lokacin, yana kan digiri 10 na Asad. Rana tana digiri 15 na Saur, can sama, don haka taswirar ta yini ce. Zuhal yana Dalwu, gida na 7, na aure da abokan hulɗa. Marriku yana Jauza, gida na 11, na abokai. Munajjimi ba zai firgita da Zuhal ba: yana cikin ɓangarensa, Dalwu burujinsa ne, kuma shi ne mai mulkin burujan iska da yini. Zai ce aure mai jinkiri ne amma mai ɗorewa. Idonsa zai koma kan Marriku, ya yi maganar rikici da rabuwa da abokai. To, a ce an haifi wani yaron a wannan kwanan, kafin tsakar dare, ɗali'insa yana digiri 10 na Jadyi. Taurarin nan biyu ba su bar burujansu ba, amma Marriku yanzu yana cikin ɓangarensa, ya kuma faɗa gida na 6, gidan farin cikinsa. Zuhal ya koma gida na 2, na dukiya, kuma shi ne baƙo. Damuwar ta tashi daga abokai ta koma kan aljihu, ko da yake zamansa a burujinsa zai rage tsananin.

Lissafi ma yana canzawa. Akwai wani wuri a taswira da ake kira rabon sa'a, Larabawa suna cewa sahmus sa'ada. Da yini ana auna nisan da ke tsakanin Rana da Wata, a ɗora shi daga ɗali'i. Da dare ana aunawa ne daga Wata zuwa Rana. A taswirar yaron farko, in aka ƙirga daga farkon Hamal, ɗali'i yana digiri 130, Rana tana 45. A ce Wata yana digiri 20 na Saraɗan, wato 110. Daga Rana zuwa Wata digiri 65 ne. A ƙara su kan 130, a sami 195, wato digiri 15 na Mizan. Wanda ya kuskure ya yi lissafin dare zai cire 65 ɗin ne, ya sauka a digiri 5 na Jauza, buruji daban, gida daban, mai mulki daban. Batlimus shi bai juya wannan lissafi da dare ba, kuma saɓanin nan ya bi masu sana'ar har yau.

Kuskure ya fi aukuwa ga haihuwar asuba da ta almuru. Hasken gari ba shi ne hujja ba, matsayin Rana da ɗali'i shi ne hujja. In ɗali'i yana digiri 10 na Asad, Rana a digiri 4 na Asad ta riga ta fito, Rana a digiri 18 ba ta fito ba tukuna, alhali buruji ɗaya ne. Kuskuren 'yan mintoci a lokacin haihuwa ya isa ya juyar da hukuncin dukan taswirar.

Littafin Dorotiyus ya bi ta harshen Farisa na da, Umar ɗan Farrukhan Aɗ-Ɗabari ya mayar da shi Larabci wajen shekarar 800. Munajjiman zamanin Abbasiyawa, irin su Abu Ma'ashar da ya rasu a 886, sun riƙe rabon yini da dare. Yana nan a tsarin firdariya da yake kasa shekaru 75 na rayuwa tsakanin taurari: haihuwar yini tana farawa da shekaru 10 na Rana, ta dare da shekaru 9 na Wata. Sai dai hankali ya fara karkata zuwa wasu ƙananan sharuɗɗa. Biruni, a littafinsa Attafhim na 1029, ya bayyana halbu da hayyiz: tauraron yini ya kasance a saman ƙasa da yini, ƙarƙashinta da dare, sannan namijin tauraro ya sauka a buruji namiji, macen a buruji mace. Zuwa lokacin da William Lilly ya buga littafinsa a Ingila a 1647, hayyiz ɗaya ne kawai cikin jerin ƙananan sharuɗɗan da ake dubawa. A ganina nan ne reshe ya danne gindi. Ilimin taurarin Turawa na ƙarni na 20, da ya koma kan halayyar mutum, kusan ya manta da batun ɗungurungum, har sai da aka fara fassara tsofaffin littattafan Girkanci a Amurka daga 1993. Robert Hand ya fitar da ɗan littafi a kan dare da yini a 1995, masu bin tsohuwar hanya suka sake ɗaukarsa.

Sanin wannan tsari daban ne da gaskata shi. Ibn Sina ya rubuta raddi ga masu hukunci da taurari, Ibn Khaldun ya yi haka a Muƙaddima, malaman addini sun hana neman gaibu ta wannan hanya, kuma binciken kimiyya bai tabbatar da cewa matsayin taurari lokacin haihuwa yana nuna makomar mutum ba. Amma mai nazarin tarihin ilimi da ya buɗe Dorotiyus, ko Walis, ko Abu Ma'ashar bai san rabon yini da dare ba, zai riƙa ganin marubucin yana yabon Zuhal a wannan shafi yana tsoratarwa da shi a na gaba, ya zaci tufka da warwara ce, alhali taswirar yini ake nufi a ɗaya, ta dare a ɗayan.