Rarrabe Salo da Abin da ke Cikin Hoto wajen Horar da Ƙaramar LoRA a kan Tsofaffin Rendojin Kamfanin Zanen Gine-gine

Renda ita ce hoton da manhajar kwamfuta ke fitarwa don nuna yadda gini zai kasance tun kafin a aza harsashinsa, kuma kamfanin da ya daɗe a sana'ar yakan samu salon da ake gane shi da shi, ta fuskar haske da launi da inda ake tsayar da idon mai kallo. Wannan maƙala ta dubi yadda ake koya wa samfurin ƙirƙirar hoto wannan salo, tare da nuna cewa zaɓen hotuna da rubuta musu bayani sun fi saitin horarwa tasiri.

Edward Hu da abokan aikinsa na Microsoft ne suka gabatar da LoRA a 2021 domin samfuran harshe, daga baya aka ɗauko ta zuwa samfuran hoto irin su SDXL, wanda ya fito a 2023. Hikimarta ita ce a bar jadawalin lambobin samfurin, W, yadda yake, a horar da ƙananan jadawalai biyu, A da B, waɗanda ake ɗora sakamakonsu a kansa: W' = W + (α/r)BA. Harafin r shi ne faɗin waɗannan jadawalai. Jadawali mai 1280 × 1280 yana ɗauke da lambobi 1,638,400, amma idan r ya kasance 16, lambobi 40,960 kawai za a horar, wato kashi 2.5 cikin ɗari, shi ya sa kwamfutar ofis mai katin hoto mai ƙarfi ke iya ɗaukar aikin.

Matsalar ita ce LoRA ba ta san bambancin salo da abin da aka ɗauka a hoto ba, domin duk abin da ya yi ta maimaituwa ba tare da an ambace shi a bayanin hoton ba, takan jingina shi ga kalmar kira, wato ƙirƙirarriyar kalmar da ake rubutawa don tayar da salon. A ɗauki misalin kamfani mai rendoji 40, inda 30 daga cikinsu benaye ne masu hawa ɗaya da aka nuna da almuru, da farar mota a bakin ƙofa. Idan aka horar a haka, samfurin zai ɗauki motar da benen a matsayin salon kamfanin, har a nemi ya zana asibiti ya fito da gidan zama. Maganin shi ne a rage hotunan da suka yi kama da juna, ko da adadin ya sauko zuwa 24, a haɗa na ciki da na waje, na rana da na dare, sannan a yanke tambarin kamfani da duk wani rubutu, domin su ma LoRA takan kwaikwaye su a gurguje. A bayanin kowane hoto kuwa, sai a ambaci abin da ake son ya riƙa sauyawa, kamar nau'in gini da mota da lokacin yini, a yi shiru game da laushin inuwa da ɗumin launi, tunda su ake son kalmar kira ta haɗiye.

A manhajar sd-scripts ta kohya-ss, ana iya farawa da wannan saiti:

```
--network_dim=16 --network_alpha=8 --learning_rate=1e-4
--resolution=1024,1024 --enable_bucket
--network_train_unet_only --save_every_n_epochs=1
--network_module=networks.lora --train_batch_size=2 --max_train_epochs=8
```

Umarnin `--enable_bucket` yana da amfani a nan domin yawancin rendoji masu faɗi ne, kuma datse su zuwa murabba'i yakan cinye sararin samaniya da farfajiya. Hotuna 24 da aka maimaita sau 10 a zagaye 8, biyu-biyu a kowane taki, suna ba da taki 960.

Raguwar lambar `loss` ba ta isa hujjar nasara ba. Gwajin da ya fi bayyana gaskiya shi ne a tsayar da `seed` guda, a nemi ginin da babu irinsa a hotunan horarwa, kamar kasuwa ko tashar mota, sannan a kwatanta fayil ɗin kowane zagaye a ƙarfi 0.6 da 0.8 da 1.0. Idan kasuwar ta fito da hasken kamfanin tana nan a kasuwarta, an dace. Idan farar motar ta dawo, ko launi ya yi kamar ya ƙone, ko sauya `seed` bai sauya tsarin hoton ba, to samfurin ya koma hadda, sai a ɗauki fayil ɗin zagayen da ya gabata.

LoRA ba ta kiyaye awo, don haka tana iya ƙara taga ko ta karkatar da matakala. Inda ake buƙatar hoton ya bi ainihin zanen ginin, ana haɗa ta da ControlNet, wadda Lvmin Zhang da abokansa suka fitar a 2023, a ba ta taswirar zurfi da aka ciro daga zanen 3D, ta yadda siffar ginin za ta fito daga zanen, LoRA kuma ta taƙaita ga haske da launi.