Hanyoyin Raba Gardama da Darasin Shari'ar P&ID

Tun da daɗewa, hanya uku ake bi a raba gardama. A sulhu, mai shiga tsakani lallashi kurum yake yi, ba ya yanke hukunci. A kotu kuwa, hukuma ke naɗa alƙali, a yi shari'a a fili, wanda ya faɗi ya ɗaukaka ƙara. Tahkimi yana tsakanin biyun, watau masu jayayya su zaɓi masu hukuncinsu, a zauna a asirce, amma abin da aka yanke ya hau kan kowa.

Sai dai mai tahkimi ba shi da ikon ƙwace dukiya, sai kotu. Don haka aka ƙulla Yarjejeniyar New York a 1958, Nijeriya ta shige ta a 1970. Yarjejeniyar ta wajabta wa kotunan ƙasashen da ke ciki su zartar da hukuncin tahkimin waje ba tare da sun sake sauraron gardamar ba, sai in da babban aibi.

Misali, a 2017 masu tahkimi a Landan suka umurci Nijeriya ta biya kamfanin P&ID dala biliyan 6.6, saboda rushewar kwangilar iskar gas ta 2010. A 2019 kotun Ingila ta yarda a zartar, dukiyar Nijeriya ta waje ta shiga haɗari. Amma a 2023 kotun ta soke hukuncin, domin ta gano cin hanci da shaidar zur. Ashe zamba na warware abin da ɗaukaka ƙara ba ya taɓawa.