Kundin salon zanen katun

Kundin salon zane shi ne littafin ƙa'idojin da masu zana katun mai dogon zango ke bi, don kada hannu ya bambanta. Yakan fayyace kaurin layi, launukan da aka amince da su, siffar kowane ɗan wasa, da abin da zai iya faruwa a duniyar labarin.

A shirin The Simpsons na Amurka, wanda ya fara a 1989, fatar iyalin Simpson rawaya ce, yatsun hannu huɗu ne, tsinin gashin ɗansu Bart tara ne. Matt Groening, wanda ya ƙirƙiro shirin, ya so a gane kowannensu daga inuwarsa kaɗai. Da yake ana kammala zanen a Koriya ta Kudu, ƙa'idar da ba a rubuta ba takan ɓace a hanya.