Daga malaman taki zuwa wasiƙar safiyo

A da, iyakar gona a ƙasar Hausa tana cikin kan dattawa ne: layin gamba, kututturen kuka, da shaidar dagaci. Turawa suka kawo awon taki a ƙasar Kano wajen 1909, inda malaman taki ke bin gonaki suna ƙirga sawu. Haraji ake nema da wannan awon. Magabatanmu a wannan sana'a sun ja sarƙa mai tsawon ƙafa 66, kuma rahotonsu ofishin gwamnati yake zuwa.

Bayan dokar filaye ta 1978 neman takardar mallaka ya yawaita, a 1989 kuma aka kafa majalisar da ke yi wa safiyo rajista. Mai fili ya zama shi ke ɗaukar safiyo ya biya shi, ya kuma cancanci bayani a rubuce, da hatimi da sa hannu.

Ga irin abin da ke shiga wasiƙar. Alhaji yana da fuloti mai ƙafa 50 da 100, wato mita 15.24 da 30.48, murabba'in mita kusan 464.5. Safiyo zai rubuta masa cewa ya tarar da turakun siminti uku a mazauninsu, lambobinsu sun dace da tsohuwar taswira, na huɗu kuwa ya ɓace, sai ya mayar da gurbinsa ta hanyar awo daga sauran ukun. Katangar maƙwabci ta tashi daidai kan iyaka a bakin titi, amma ta yi ta karkata har ta ci santimita 40 a ƙuryar baya. Abin da ta cinye tsiri ne mai kusurwa uku, murabba'in mita 6 da ɗoriya. Irin wannan karkatar yawanci daga igiyar magini take fitowa, idan ya ɗaure ta a turken da ya riga ya gusa.

Kafin a rubuta wannan sakin layi sai an tabbatar kuskuren ba namu ba ne. Tsofaffin taswirorin Najeriya an ɗora su kan ma'aunin Minna, na'urar tauraron ɗan Adam kuwa da WGS84 take aiki. In ba a daidaita su ba, fili kan yi tsalle fiye da faɗin fuloti. Ana gane hakan idan kusurwoyi huɗun duka sun gusa gefe guda, da tazara iri ɗaya. Kusurwa ɗaya tak da ta kauce, ita ce ke nuna katanga ta shiga.

Abin da nake nanata wa matasan safiyo shi ne kada kalmar "ƙwace" ta shiga wasiƙar. Mu awo muka sani, hukuncin mallaka na kotu ne. Sai a shawarci Alhaji kada ya taɓa katangar, ya nuna wa maƙwabcin taswirar a gaban mai unguwa. In sun shirya kan diyya ko gyaran iyaka, a rubuta yarjejeniya, a sake kafa turke kowa na tsaye, a kai sabuwar taswirar ofishin filaye.